Tsani, Bango da Ƙasa: Yadda Ake Gano Gefen da Ya Ɓace

Takardar atisayen lissafi da ake ba 'yan ƙaramar sakandare takan zo da tambaya irin wannan: an jingina tsani mai tsawon mita 5 a jikin bango, gindinsa yana nesa da bangon da mita 3. Mita nawa ne daga ƙasa zuwa inda kan tsanin ya taɓa bango? Yara da yawa sun haddace ƙa'idar, amma a nan suke tuntuɓe, domin ba su tsaya sun kalli hoton ba.

Bango a tsaye yake, ƙasa a kwance, inda suka haɗu kuwa kusurwa ce mai digiri 90. Da tsani ya jingina, sai aka sami alwatika. Tsanin shi ne gefen da ke fuskantar wannan kusurwa, kuma a irin wannan alwatika babu gefen da ya kai shi tsawo. Ƙa'idar da ake dangantawa da Pythagoras, Bagirken tsibirin Samos, cewa take yi idan aka ninka tsawon kowane gefe da kansa, wato aka ɗauki murabba'insa, to murabba'in gajerun biyu idan aka haɗa su daidai suke da murabba'in dogon. A littafi ana rubuta ta a² + b² = c², inda c ke tsaye a madadin tsani.

Mu koma kan tambayar. Murabba'in tsani shi ne 5 sau 5, wato 25. Na tazarar ƙasa 3 sau 3, wato 9. Tunda dogon gefen yana hannu, wanda ake nema ɗaya ne daga cikin gajerun, don haka ragewa za a yi: a cire 9 daga 25, saura 16. Sai dai 16 ba tsawon bango ba ne, murabba'insa ne. Wace lamba ce idan aka ninka ta da kanta za ta ba da 16? Ita ce 4. Kan tsanin yana mita 4 daga ƙasa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yaro ya tara 25 da 9, ya sami 34, ya ce tsawon ya kusa mita 6. A ganina, abin da ya fi cancanta malami da iyaye su koya masa a nan shi ne ya tambayi kansa: tsani mai mita 5 zai iya kaiwa mita 6 alhali ma a karkace yake? Ba zai yiwu ba. Duk amsar da ta sa bango ko tazarar ƙasa ta fi tsani tsawo, akwai gyara a cikinta. Tarawa sai lokacin da tsanin ne ba a sani ba. Misali, taga tana mita 12 daga ƙasa, za a ajiye gindin tsani mita 5 daga bango: 144 a tara da 25 ya zama 169, wato 13 sau 13, don haka tsani mai mita 13 ake bukata.

Akwai kuma masu ɗaukar 5² a matsayin 5 sau 2, su rubuta 10. Wasu su haɗa mita da santimita ba tare da sun mayar da su awo ɗaya ba.

Ba kullum amsa ke fita cif ba. Masu koyar da kiyaye haɗari a wurin aiki suna cewa a ja gindin tsani baya da mita 1 ga kowane mita 4 na tsayi, saboda haka tsanin tambayarmu ta farko ya kwanta fiye da kima, kada kowa ya hau irinsa. Wanda ya fi kama da na gaske shi ne tsani mai mita 6, gindinsa mita 1.5 daga bango. A cire 2.25 daga 36, saura 33.75. Wannan yana tsakanin 25 da 36, kuma ya fi kusa da 36, don haka tun kafin a taɓa kalkuleta an san amsar ta gaza 6 da kaɗan. Tana kusan mita 5.8.

Ƙa'idar tana da sharaɗi: sai kusurwar ta cika digiri 90. Katangar tubali irin ta gargajiya takan yi kauri a gindi ta sirance a sama, wata ƙasar kuma gangare ce. A irin wannan wuri lissafin kusa-kusa kawai zai bayar. Magina kuwa ta baya suke bin ƙa'idar idan za su fitar da kwanar harsashi: su auna 3 a igiya ɗaya, 4 a ɗayar, sannan su yi ta gyara igiyoyin har tsakanin alamomin biyu ya zama 5 cif.