Ko Kun Sani?

Manhaja tana iya nuna maka saƙo ɗaya sau biyu ba tare da an sake aiko shi ba. Laifin yadda take neman shafi na gaba ne. A ce API ya ba ta saƙonni 20 na farko, sabo a sama. Kana cikin karatu sai sababbi 3 suka shigo. Da ka gangara ƙasa, manhaja ta nemi `offset=20&limit=20`, wato a tsallake 20 a ba ta na bayansu. Amma sababbin nan sun tura kowa ƙasa, na 18 zuwa na 20 sun koma na 21 zuwa na 23, sai su sake fitowa. Da gogewa aka yi, abin ya fi muni: wasu saƙonni za su wuce ka ba ka gan su ba. Shi ya sa API na kamfanin Stripe yake amfani da `starting_after`, inda manhaja ke aika lambar shaidar abu na ƙarshe da ta karɓa, a ci gaba daga nan. Sai dai da wannan hanya ba a tsallakawa kai tsaye zuwa shafi na 50.