Robar ruwa ba ta da nauyi: lissafin da matasa za su yi kafin shiga bola jari

Matasa biyar a unguwa sun haɗa ɗan jari suna neman abin yi, sai wani ya ce a shiga tara robobin ruwa da na lemo, tunda ga su nan zube a kwata da bakin titi. Shawarar ba ta da laifi, amma akwai abin da ya kamata su sani tun kafin su sayi buhu: dillali da sikeli yake saye, ita kuwa robar nan kusan duk iska ce. Ƙaramar robar ruwa takan yi giram 10 zuwa 20, wato sai an tara 50 ko fiye kafin kilo ɗaya ya cika. Tan ɗaya kuwa dubban robobi ne masu cika ɗaki.

Ribar tana wajen tantancewa. A gindin roba yawanci akwai lamba cikin ɗan zane mai kusurwa uku. Lamba 1 ita ce ta ruwa da lemo, wadda masana'antu ke niƙawa su yi zaren tufafi ko sabuwar roba. Lamba 2 ita ce ta jarka, lamba 5 kuma ta bokiti, kujera da wasu murafe. Kowacce da kasuwarta, ba a cakuɗa su. Mai lamba 3, irin ta bututun ruwa, ita ce abin gudu, domin kaɗan daga cikinta kan ɓata lamba 1 mai yawa idan aka zo narkawa, dillali kuma zai karya farashin kayan duka. A ware farar roba daga koriya da mai ruwan ƙasa, don fara ta fi daraja. A cire murfi a tara shi daban, shi ma kuɗi ne. Sannan a tattake kowace roba ta baje kafin a cusa a buhu, in ba haka ba iska za a biya wa kuɗin mota.

Bari mu buga lissafi da farashin misali, tunda na kasuwa kullum canzawa yake. A ce sun sayi kilo 1,000 a hannun masu tsinta kan naira 150, jimilla 150,000. Bayan an zubar da guntun ruwa da ƙasa (wasu da gangan suke bari don nauyi), an kuma fitar da gurɓatattu, sai ya koma kilo 900. Suka sayar kan 250, kuɗi ya kama 225,000. Mota ta ci 25,000, buhu da hayar fili 15,000. Saura 35,000, kowa ya tashi da 7,000. Idan wata guda aka yi ana tara tan ɗin nan, wahala ce kawai aka sha. Mafita biyu ce: ko a riƙa juya kuɗin kowane mako, ko a rage saye. Ɗakunan biki, gidajen abinci da makarantu suna neman wanda zai kwashe musu roba. A ajiye musu buhu, a riƙa zuwa a ranar da aka yi alkawari, kuma kayansu sun fi na kwata tsabta. Robar da ba ta lotse ba ma, masu kunun aya da zoɓo suna saye da ƙirga, kuma yawanci hakan ya fi kilo tsoka.

Kada a yi gaggawar sayen injin niƙa. Yana buƙatar wuta mai ƙarfi da kaya masu yawa kullum, injin da ke zaune kuwa jari yake ci.

To ƙarfe fa? Gwangwan ya fi roba nauyi da kuɗi, kuma mayen ƙarfe ya isa a fara tantancewa: abin da ya kama baƙin ƙarfe ne mai araha, wanda bai kama ba yana iya zama alminiyam, tagulla ko jan ƙarfe, wanda ya fi su tsada. Sai dai a nan fitina take. Wayar wuta, murfin kwalbati da ƙarfen layin dogo kayan gwamnati ne, mai saye kuma tare da ɓarawo ake kama shi. A 2023 gwamnatin Borno ta haramta sana'ar gwangwan, saboda satar kayan jama'a da kashe matasan da ke shiga daji neman ƙarfe. A yankunan da aka yi rikici ana iya tsintar abin fashewa a cikin tarkace.

Ga masu ƙaramin jari, roba ta fi kwanciyar hankali. Kafin ku sayi kilo ɗaya, ku je wurin dillalai biyu ko uku ku ji irin kayan da suke karɓa, mafi ƙarancin nauyi, da ko nan take suke biya. Ku mallaki sikelinku, ku sa safar hannu mai kauri da takalmi saboda allura da kwalba, mutum ɗaya kuma ya riƙe littafin shiga da fita.