Sabon Shiga Musulunci: Alwala da Raka'ar Farko, Mataki Bayan Mataki

 Shirin yau na 'yan'uwanmu ne da suka karɓi Musulunci da girmansu, da kuma ku da kuke koya musu. Abin da na lura shi ne, mukan jibga wa mutum komai a rana ɗaya, har ya kasa gane wanne ne dole, wanne ne ƙari. To ni a yau farilla zan sa a gaba, bisa mazhabar Malikiyya, wadda akasarinmu muka karanta a Ahalari da Ishmawi.

Bayan kalmar shahada sai wanka. Ka yi niyya a zuci, ka game jikinka da ruwa kana cuccuɗawa, ruwan ya ratsa gashi har fatar kai. Kada ka manta hammata, cibiya da bayan gwiwa.

Sai alwala. Farillanta bakwai ne. Huɗu na gaɓoɓi: wanke fuska daga matsirar gashin goshi zuwa haɓa, wanke hannuwa har gwiwar hannu tare da tsettsefe yatsu, shafar kai gaba ɗaya daga goshi zuwa ƙeya, da wanke ƙafafu har idon sawu. Sauran ukun su ne niyya, cuccuɗawa, da yin su a jere ba tare da dogon jinkirin da gaɓa za ta bushe ba. Wanke tafin hannu da farko, kurkurar baki, shaƙa ruwa da fyacewa, da shafar kunnuwa, waɗannan sunnoni ne. Wanki ɗaya da ya game gaɓa ya wadatar, na biyu da na uku ƙarin lada ne.

Me ya sa nake rarrabewa? Ga misali. A ce mai aikin fenti ya yi alwala, ya sallaci Azahar, can bayan awa guda ya ga busasshen fenti a gwiwar hannunsa. Ruwa bai taɓa fatar wurin ba, ke nan ya bar lam'a a gaɓar farilla. Sai ya kankare fentin nan take, ya wanke wurin da niyya, ya sake Azahar. Amma da kurkurar baki ya manta, sallarsa ta yi, sai dai ya kurkure don sallar gaba. 'Yar'uwa, haka janfarce yake, yana hana ruwa isa farce. Lalle kuwa launi ne kawai, ba ya hanawa.

Alwala tana karyewa da fitsari, bayan gida, fitar iska da barci mai nauyi.

Yanzu salla. Mu ɗauki Asuba, tunda raka'a 2 ce. Jiki, tufa da wuri su zama da tsarki. Ka fuskanci alƙibla. Daga Kano gabas ce, a ɗan karkata arewa. Ka yi niyya, ka ce Allahu Akbar kana tsaye, ka karanta Fatiha da gajeriyar sura. Sai ruku'u: tafuka a kan gwiwoyi, baya a miƙe. Ka ɗago ka tsaya cak. Sai sujada: goshi da hanci a ƙasa, tafuka, gwiwoyi da yatsun ƙafa duk suna taɓa ƙasa. Ka ɗago ka zauna daidai, ka koma sujada ta biyu. Raka'a ɗaya ke nan. Ka miƙe ka maimaita, ka zauna ka yi tahiya, ka yi sallama.

Inda aka fi samun matsala shi ne natsuwa, kuma ita ma farilla ce. Za ka ga mutum ya ɗago daga ruku'u, bayansa bai gama miƙewa ba ya zarce sujada. Yadda za ka gane: a kowane matsayi, gaɓoɓinka su tsaya da motsi na ɗan lokaci kafin ka wuce.

To idan ban haddace Fatiha ba fa? Kada ka ajiye salla kana jira. Ka bi liman, karatunsa ya ɗauke maka, kai kuma kana koyonta kullum. Ayoyi 7 ne kacal. Kuma a sahu za ka ga wani ya saki hannu, wani ya ɗora a ƙirji. Duka sallarsu ta yi, kada wannan ya ruɗa ka.

Ku masu koyarwa, ku ɗauko buta ku yi a gabansa, shi ma ya yi a gabanku, ku duba diddige da gwiwar hannu. A shiri na gaba za mu taɓa taimama da sujadar rafkanuwa. Ku ajiye tambayoyinku, sai mun haɗu. Wassalamu alaikum.