Data ta isa, amma gem na tsaitsayawa: yadda ake gano jita da zaɓen Wi-Fi mafi dacewa

Masu buga gem ta kilawud da yawa sun san wannan abin haushi. Gwajin Speedtest ya nuna 40 Mbps, YouTube na tafiya sumul, amma da an buɗe wasa sai hoto ya daskare na ɗan lokaci, sauti ya kakkatse, motar da ake tuƙawa ta bayyana a jikin bango. Galibi ƙarfin intanet ba shi ne mai laifi ba. Matsalar tana ga yadda bayanai ke isowa wayar, wani da wuri, wani a makare.

Me ya sa gem ya fi bidiyo saurin lalacewa?

A tsarin kilawud, wasan yana gudana ne a kan wata babbar kwamfuta a cibiyar kamfani, wadda ake kira saba. Wayar tana aika abin da aka danna, sabar kuma ta dawo da hoton bidiyo nan take. YouTube na sauke daƙiƙu da dama na bidiyo ya ajiye tun kafin a kalle su, don haka ko netwok ya ɗan yi tuntuɓe mai kallo ba zai sani ba. Gem ba shi da wannan damar, domin hoton da zai zo nan gaba ya dogara ne da maɓallin da ba a riga an danna ba.

Idan wasa na tafiya da hoto 60 a daƙiƙa, ana buƙatar sabon hoto kusan kowace milisakan 17. Duk hoton da ya wuce lokacinsa, sai allo ya tsaya a kan tsohon.

Nawa ne ƙarfin da ya isa?

Kamfanin NVIDIA ya nemi aƙalla 15 Mbps domin buga GeForce NOW a 720p da hoto 60 a daƙiƙa, da 25 Mbps domin 1080p. Microsoft kuwa ya ba da shawarar 10 Mbps ga masu amfani da Xbox Cloud Gaming a waya. Ke nan mai 40 Mbps ya riga ya haye wannan shingen, kuma sayen babban tsari mai 100 Mbps ba lallai ya sauya masa komai ba. Abin da ake so shi ne ƙarfin ya dore, kada ya faɗi duk lokacin da wani a gida ya buɗe TikTok.

Masu sayen data su lura da lissafi: 15 Mbps na tsawon awa guda ya kusa 7 GB. A ƙaramin allon waya, 720p ya wadatar, kuma ya fi 1080p jure wa netwok mai hawa da sauka.

Mece ce jita?

Jinkiri shi ne lokacin da saƙo ke ɗauka ya je saba ya dawo, kuma shi ne Speedtest ke nunawa da sunan Ping. Jita, wadda ake gani a allon da sunan Jitter, ita ce yadda wannan lokacin ke sauyawa daga saƙo zuwa saƙo.

A ɗauki layuka biyu, kowanne an auna shi sau biyar. Na farko ya ba da milisakan 48, 52, 50, 49 da 51. Na biyu ya ba da 20, 25, 140, 18 da 47. Matsakaicin kowannensu 50 ne daidai, amma wasa a kansu ba ɗaya ba ne. A layin farko hannu na sabawa da ɗan jinkirin, domin kullum iri ɗaya ne. A na biyu, saƙon da ya ɗauki 140 ya makara da fiye da milisakan 100 a kan yawancin 'yan uwansa, wato hotuna shida zuwa bakwai ba su iso a kan lokaci ba. Wannan ne daskarewar da ido ke gani.

Yadda ake gano inda matsalar take

Hanyar bayanai kashi biyu ce: daga waya zuwa rauta, sannan daga rauta zuwa saba. Ana iya auna kashin farko shi kaɗai. Da farko a duba adireshin rautar a bayanan Wi-Fi na wayar, a wurin da aka rubuta Gateway ko Router. Yawanci 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, na'urorin Huawei da dama kuma 192.168.8.1. Sai a buɗe manhajar Termux a wayar Android a rubuta:

```
ping -c 50 192.168.1.1
```

Tunda rautar na cikin gida, ya kamata lambobin su tsaya ƙasa da milisakan 10. Idan suna tsalle daga 3 zuwa 80 ko 200, ko kuma layukan ƙarshe suka nuna packet loss sama da sifili, laifin na Wi-Fi ɗin gida ne, kuma ana iya gyara shi ba tare da kashe ko sisi ba. Idan kuwa lambobin sun natsu amma gem na ci gaba da tsaitsayawa, matsalar ta wuce ƙofar gida.

2.4 GHz ko 5 GHz?

Zangon 2.4 GHz na tafiya nesa kuma yana ratsa bango, sai dai cunkoso ya yi masa yawa. Tashoshi uku ne kawai a cikinsa da ba sa shiga juna, wato 1, 6 da 11, kuma rautocin maƙwabta da hotsifot na abokan ɗaki duk a nan suke. Bluetooth ma a wannan zangon yake aiki, don haka na'urar buga gem da abin sauraro na kunne suna ƙara cunkoson. Wi-Fi kuma bi-da-bi yake aiki: na'ura na jira tasha ta yi shiru kafin ta aika, idan saƙo ya lalace ta sake aikawa. Wannan jiran, wanda ba shi da tsayayyen tsawo, shi ke haifar da jita.

Zangon 5 GHz na da tashoshi da yawa da ƙarancin cunkoso, shi ya sa NVIDIA da Microsoft duk suka ba da shawarar amfani da shi. Rauninsa shi ne nisa. Bangon bulo biyu na iya raunana shi har ya koma baya da 2.4 GHz, saboda haka ya fi kyau mai wasa ya zauna ɗaki ɗaya da rautar.

A jerin Wi-Fi, sunan da ya ƙare da _5G yawanci zangon 5 GHz ne, ba shi da alaƙa da netwok ɗin 5G na kamfanonin waya. Idan suna ɗaya kawai ya bayyana, mai yiwuwa rautar ta haɗe zangunan biyu. Ana shiga shafin saitinta ta adireshin nan na Gateway, a kashe abin da ake kira Smart Connect ko Band Steering, a ba kowane zango sunansa, sannan a sa wayar ta manta na 2.4 don kada ta koma can da kanta. Ƙananan MiFi da yawa da wayoyi masu araha 2.4 GHz kawai suke da shi, don haka a duba bayanan na'ura tukuna. Bayan an sauya, a maimaita gwajin ping a kwatanta lambobin.

Abin da sauya zango ba zai gyara ba

Haske na tafiyar kimanin kilomita 200 a milisakan guda cikin wayar faiba. Igiyar Glo-1 da ta haɗa Legas da Birtaniya ta ƙarƙashin teku ta kai kusan kilomita 9,800, wato zuwa da dawowa ya kusa milisakan 100 tun kafin a ƙara tafiyar Legas zuwa Kano ko Sakkwato. NVIDIA kuwa na neman jinkiri ƙasa da milisakan 80. Mai wasa da sabarsa ke Turai zai iya kawar da tsaitsayawa ta hanyar gyara Wi-Fi, amma nauyin da ke tsakanin danna maɓalli da motsin hoto zai ci gaba. Wasannin dabara da na labari na jure wa hakan fiye da na harbi ko na ƙwallo.

Haka nan idan rautar da sim take aiki, cunkoson turken sadarwa da dare na kawo tasa jitar. Gwada wasa da safe da kuma bayan isha'i zai nuna hakan. Kafin a fara, yana da kyau a dakatar da ɗora hotuna zuwa Google Photos da sabunta manhajoji a duk wayoyin da ke kan rautar, domin babban fayil guda da ake aikawa na iya sa saƙonnin gem su tsaya a layi a bayansa.