Kafin Ka Sayi Kwamfutar Gem, Rubuta Sunan Wasan a Takarda

Ɗan yayata, ɗalibi a jami'a, ya shafe wata takwas yana tara kuɗi don ya sayi kwamfutar da zai riƙa buga ƙwallo a kai. Ranar da ya je kasuwa, mai shago ya nuna masa wata ta hannu, ya ce: "Ɗan samari, wannan Core i7 ce, ram goma sha shida, ba wasan da ba za ta ɗauka ba." Allah ya taimake shi ya kira ni kafin ya biya. Na ce ya karanto mini lambar da ke bayan i7 ɗin. Ya ce 3770. Na ce katin hoto fa? Ya yi shiru, don babu.

Nan ne yawancin ɗalibai ke faɗawa rami. Sunan i7 shi kaɗai ba ya gaya maka komai, sai ka san zamaninsa. Core i7-3770 ya fito ne a 2012, kuma ƙaramin Core i3-12100F na 2022 ya fi shi gudu nesa ba kusa ba. Sannan a yawancin wasanni, katin hoto, wanda masu shago ke kira girafik kad, shi ke ɗaukar kaya mafi nauyi, ba furosesa ba.

Sai muka fara daga wasan. Abin da yake so shi ne EA Sports FC 24. Yawancin wasannin da ke Steam suna da jerin buƙatu biyu a shafinsu. Na farko shi ne mafi ƙaranci: a shafin FC 24 an rubuta GTX 1050 Ti ko RX 570, ram gigabait 8, da wurin ajiya gigabait 100. Na biyu shi ne wanda kamfanin ya ba da shawara: GTX 1660 ko RX 5600 XT, da ram gigabait 12. Mafi ƙaranci yana nufin wasan zai buɗe, ba wai zai yi daɗi ba. Ana tsaka da kai hari hoto zai iya ɗan tsayawa. A ganina na biyun ya kamata mutum ya nufa, ko da zai jira wata biyu ya ƙara tari.

Da a ce Valorant kaɗai yake so, da lissafin ya canza. Ryzen 5 5600G yana da nasa sashen hoto a ciki, zai buga shi ba tare da kati ba, muddin an sa masa ram sanda biyu na gigabait 8 maimakon sanda ɗaya na 16, domin sashen hoton daga ram ɗin yake ci.

Shi kuwa muka zaɓa masa GTX 1660 Super na hannu mai gigabait 6, muka haɗa da Ryzen 5 3600 a kan madabod B450, ram DDR4 sanda biyu, da SSD gigabait 512. Kaso mafi tsoka ya tafi kan katin. Akwati kuwa mafi araha muka ɗauka, ba fitilu masu canza launi, don ado ba ya ƙara gudu.

Inda na hana shi rowa shi ne akwatin wuta, wato fawa safulai. Katin nan yana jan wat 125, yana buƙatar filogi mai baki takwas, kuma Nvidia ta ce a sa masa akwatin wuta mai wat 450. Idan ka ga kwamfuta tana aiki lafiya a rubutu da kallon bidiyo, amma da wasa ya ɗau zafi sai ta mutu ɗif, fara zargin wannan akwatin. Saboda haka ma tsofaffin kwamfutocin ofis masu siririn jiki kan zama asara: babban kati ba ya shiga, wutarsu kuma ba ta isa.

Katin hannu kuwa, kada ka biya sai an kunna shi a gabanka. Akwai jabun GTX 1050 Ti da yawa waɗanda tsofaffin GTS 450 ne aka sauya musu suna. Idan ka ga shuɗiyar kafar VGA a bayansa, ja da baya, domin zamanin wannan kati ya riga ya daina fitar da irin wannan hoton. Manhajar GPU-Z, wadda kyauta ce, takan rubuta [FAKE] gaban sunan irin waɗannan. Ka buga wasa na minti ashirin a shagon, kana duba ko ɗigogi masu launi za su fito a allo, da kuma ko fankokin na juyawa.

Daren da ya haɗa komai ya sake kirana, wai fankoki na juyawa amma allo baƙi ƙirin. Ashe wayar HDMI ya soka a jikin madabod, alhali Ryzen 5 3600 ba shi da sashen hoto. Na ce ya cire ta ya sauko ƙasa, ya soka a bayan katin. Kafin in ajiye waya na jiyo shi yana kiran abokin ɗakinsa ya kawo fad na biyu.