Haruffa Biyu a Bayan Caja: Yadda Ake Gane Tambarin Gaske da Mai Kama da Shi

Kwanakin baya na sayi cajar waya a wata kasuwa a Kano. Da na nuna shakku kan arharta, sai mai shagon ya juya min bayanta ya ɗora yatsa a kan wasu ƙananan alamomi, ya ce, "Yallaɓai, duba nan, ga CE, ga UL, ga FCC. Wannan Turai ma ta amince da ita." Kwana tara ta yi tana aiki. A dare na goma ta yi zafin da hannu ba ya iya riƙe ta, robarta ta kumbura, ɗaki ya ɗauki ƙauri. Na gode Allah da ina farke. Washegari na zauna na bi alamomin nan ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da na gani shi ne nake so in baje a nan.

Mu fara da CE, domin ita ce ta fi yawa a kayan lantarki da kayan wasan yara da ke shigowa kasuwanninmu. Alama ce ta Tarayyar Turai, wadda aka daidaita siffarta a 1993. Dokar ta tsara yadda za a zana ta. Kowane harafi an yanko shi ne daga da'ira, kuma da'irorin biyu girmansu ɗaya. Idan ka ɗauki biro ka ƙarasa zagayen C ya zama cikakkiyar da'ira, gefenta zai je ya haɗu da bayan E daidai. Wannan ne ya sa ake ganin fili mai faɗi tsakanin haruffan. Sandar tsakiya ta E kuma ta fi ta sama da ta ƙasa gajarta, kuma tsayin alamar bai kamata ya gaza milimita 5 ba, sai a kan wasu kaya da doka ta yi wa sassauci saboda ƙanƙantarsu. A kan cajata haruffan sun matse juna har E ta shiga cikin da'irar C. Wanda ya buga ta bai ma tsaya ya duba zanen da doka ta bayar ba.

Akwai labarin da ya daɗe yana yawo a wayoyin mutane, cewa wannan matsattsiyar CE wata alama ce daban ta ƙasar Sin mai nufin "China Export". Labarin yana da daɗin faɗa, amma ba shi da tushe. An yi wa Hukumar Tarayyar Turai wannan tambaya a majalisarsu, kuma a 2008 ta amsa cewa ba ta san da wanzuwar irin wannan alama ba, abin da ta sani shi ne ana buga CE ba bisa ƙa'ida ba. Alamar tilas ta ƙasar Sin ita ce CCC, haruffa uku cikin zagaye mai siffar ƙwai, kuma don kayan da za a sayar a cikin ƙasarsu aka yi ta. Abin da ya sa wannan labari yake damuna shi ne yana koya wa mutane darasin da zai cuce su. Mutum zai auna tazarar haruffa, ya ga ta yi daidai, sai hankalinsa ya kwanta. To ai zanen CE na gaskiya yana nan a fili, kowa na iya sauke shi kyauta ya buga a kan roba. Matsattsun haruffa suna tona asirin mai ha'incin da bai iya ba ne kawai, wanda ya iya kuwa zai zana maka ita tsaf.

Akwai kuma abin da masu saye da yawa ba su sani ba, har da 'yan kasuwar da ke rantsuwa da ita. A yawancin kaya, babu wata hukuma a Turai da ke gwada abu sannan ta ba shi CE. Kamfanin da ya ƙera kayan shi ne yake yin gwajinsa, ya rubuta takardar shaida cewa ya cika sharuɗɗan doka, ya sa hannu, ya ajiye bayanan tsawon shekara 10, sannan ya buga alamar da kansa. Wato magana ce ta mai kaya a kan kayansa. A Turai wannan magana tana da nauyi, domin doka ta tilasta a rubuta sunan kamfanin da adireshinsa, da na wanda ya shigo da kayan, kuma idan abu ya yi ɓarna akwai wanda za a kama. Cajata ba ta da sunan kamfani ko adireshi, a jikinta ko a kwalinta. Alkawari ne aka yi, amma babu mai alkawarin. Kuma ko da na gaske ne, CE ba dokar Najeriya ba ce. Kayan da ake shigowa da su nan ta tsarin SONCAP na hukumar SON suke bi, kuma wannan takarda ce da mai shigo da kaya yake gabatarwa wajen fitar da su daga tasha, mai saye ba ya ganinta a kan teburin shago.

Sai dai akwai kayan da haɗarinsu ya yi yawa a bar wa mai ƙerawa shi kaɗai, kamar na'urar auna hawan jini, da wasu kayan asibiti, da takunkumin numfashi irin na FFP2 da aka yi ta nema a lokacin korona a 2020. Waɗannan dole wata cibiyar gwaji mai zaman kanta ta sa baki, kuma lambarta mai alƙaluma huɗu tana biyo bayan CE. Misali, 0123 lamba ce ta cibiyar TÜV SÜD ta Jamus. Ana iya duba kowace lamba a kundin Tarayyar Turai mai suna NANDO, a ga sunan cibiyar da irin kayan da aka ba ta izinin gwadawa. Takunkumin da aka rubuta wa FFP2 da CE tsurarta, babu lamba a gefe, bai cika ƙa'ida ba. Haka kuma akwai kayan da CE ba ta shafe su ba sam: abinci, magungunan sha, man shafawa. Duk wanda ya nuna maka CE a kan kwalbar magani a matsayin shaidar ingancin maganin, ko dai bai sani ba ko yana so ya ruɗe ka.

Alamar UL tata hanyar daban ce, kuma ta fi CE ƙarfi idan ta gaske ce. Kamfani ne na Amurka da ya faro tun 1894, yana gwada kaya da kansa, sannan yana kai ziyara masana'anta lokaci zuwa lokaci don ya tabbatar ba a canza abin da aka gwada ba. Tambarinsa ba ya zuwa shi kaɗai. A kan kayan da aka gama ƙerawa za ka ga haruffan cikin da'ira, tare da kalmar LISTED ko CERTIFIED, da wata lamba ta bin sawu, wadda sau da yawa take farawa da E sai alƙaluma. Ana shigar da lambar a kundinsu na Product iQ, sai ya fito da sunan kamfani da irin kayan. A kan cajata da'irar ce kawai, babu kalma babu lamba. Wasu masu wayo sukan kwafi lambar wani kamfani, shi ya sa bai isa a ga lambar ta fito ba, sai an duba ko sunan da nau'in kayan sun dace da abin da ke hannunka. Idan lambar ta fito da wayar wuta alhali caja kake riƙe da ita, sata ce. Akwai kuma wata alamar tasu mai kama da RU a juye, wadda ake ba wa ɓangaren cikin na'ura kawai. Ganinta a jikin caja ba ya nufin an gwada cajar gaba ɗayanta.

Sauran alamomin kuwa cika fili ne. FCC tana magana ne a kan kada na'ura ta dagula zangon rediyo. RoHS a kan taƙaita dalma da wasu abubuwa masu guba take. Kwandon shara da aka soke yana cewa kada a jefa kayan a bola. Babu ɗaya cikinsu da ta ce komai game da gobara ko jan wuta.

Da na fasa cajar, sai na ga abin da alamomin ya kamata su kare. Wutar bango tana shiga da ƙarfin bolt 230, waya kuma bolt 5 take karɓa a caji na yau da kullum. Tsakanin ɓangarorin nan biyu dole a bar tazara ta milimitoci da dama a kan allon, a kuma naɗe ƙaramar taransifomar da abin kariya mai kauri. A cikin tawa layukan biyu sun kusa taɓa juna, tazarar ba ta wuce kaurin farce ba. Ɗan danshi na damina ko hawan wuta bayan an dawo da ita ya isa ya tsallake wannan tazara, wutar bango ta bi igiya ta isa hannun mai riƙe da waya, wanda sau da yawa yaro ne. A 2016 UL ta gwada jabun cajoji 400 da aka kwaikwayi na Apple, guda 3 kacal suka tsallake gwajin kariya na farko.

Irin wannan wasa ana yin sa da alamominmu na gida. Hukumar NAFDAC, da aka kafa a 1993, tana ba kowane magani ko abincin da ta yi wa rajista lambarsa ta kansa. Mai jabu ba ya ƙirƙiro sabon tambari, lambar wani kaya na gaske yake ɗaukowa ya buga a kan nasa. Don haka ganin lambar a kwali mataki ne na farko kawai. Hukumar tana da kundi a intanet mai suna Greenbook, inda ake shigar da lambar magani a ga sunansa, da ƙarfinsa, da kamfanin da ya yi rajistarsa. Idan kwali ya ce maganin zazzaɓin cizon sauro ne, kundi kuma ya ce lambar ta maganin tari ce, an gama magana. Tun 2010 kuma akwai tsarin kankare wani ɗan wuri a jikin wasu magunguna, a tura lambar da ta bayyana ta saƙon waya, amsa ta zo nan take. Wannan ya fi wuyar sacewa, domin kowane fakiti da lambarsa, sau ɗaya ake amfani da ita. Abin takaici, mutane da yawa suna shanye maganin ba su kankare ba.

Ga 'yan'uwanmu 'yan kasuwa masu sarin kaya daga Guwanzu da Dubai, ina da roƙo. Idan dillali ya ce kaya na da CE, ku nemi takardar shaidar da kamfanin ya sa wa hannu, ku duba ko lambar samfurin da ke jikinta ita ce a jikin kayan. Idan ya ce suna da UL, ku karɓi lambar ku bincika tun kafin a loda kwantena. Kai kuma mai saye, idan ka juya bayan caja ka ga alamomi sun cika ta amma babu sunan kamfani, babu adireshi, babu lambar da za a iya bi, ka mayar wa mai shago kayansa, kada ka kai ta ɗakin da iyalinka suke kwana.