Shin Ko Kun San? Taswirar da ke Magana a Jikin Allon Majigi

Shin ko kun san cewa jihohi bakwai ne na Najeriya ke iyaka da Jamhuriyar Nijar, kuma babu Kano a ciki? Daga yamma zuwa gabas su ne Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. Idan ka karanto su a ɗakin taro, kafin ka kai Yobe an manta da Kebbi. Amma ɗora taswirar ƙasar a allo, ka shafe jihohi 36 da Abuja da ruwan toka mai haske, sannan ka ba bakwai ɗin nan launi ɗaya mai ƙarfi, nan take kowa zai ga sun jeru a saman ƙasar, ga Kano a ƙasansu, Katsina da Jigawa sun tare mata hanya.

Shin ko kun san ba sai ka iya zane ba? Abin nema shi ne taswira irin ta SVG wadda aka zana kowace jiha daban a cikinta. A PowerPoint sai ka shigo da ita, ka danna Convert to Shape, sannan Ungroup, kowace jiha ta tsaya da ƙafarta. Riƙe Shift ka zaɓi bakwai ɗin, ka zuba musu launi ta Shape Fill. In ka danna jiha ɗaya ka ga ƙasar gaba ɗaya ta motsa, to hoto ne kawai ka samu, ko ba a raba shi ba tukuna.

Batun sunaye kuwa, nan ne ake yawan ɓata aiki. Mutum ya ga fili, sai ya rubuta sunan kowace jiha, ya ƙanƙance haruffa don su shiga, na bayan ɗaki ya yi ta murtsuke ido. A taswirarmu sunaye bakwai sun isa, sai "Nijar" a sama, sai Kano da haruffa marasa kauri, tunda kowa da ita yake gane inda yake. In zancen na fatauci ne, to cire sunayen jihohin ma, ka sa ɗigo uku: Illela mai fuskantar Birnin Ƙonni, Jibiya a kan hanyar Maraɗi, da Maigatari. Ni dai ba na yarda harafi ya gaza girman 18; sunan da bai shiga cikin jiharsa ba a haka, a fito da shi gefe a ja masa ɗan layi. Kan shafin ma ya faɗi magana. "Jihohi bakwai ke iyaka da Nijar" ya fi "Taswirar Najeriya" amfani nesa ba kusa ba.

Shin ko kun san ja da kore, waɗanda aka fi so a haɗa, su ne suka fi rikita masu matsalar bambance launi? Matsalar gado ce, kuma ta fi kama maza. In dole sai launi biyu, shuɗi da ruwan lemo sun fi aminci. Gwajin mai sauƙi ne: buga shafin a baƙi da fari, in yankunan sun saje, ƙara wa ɗaya duhu. Majigi kuma yana kashe launi idan hasken rana ya shigo ta taga.

Shin ko kun san girman fili na yaudara? Jihar Neja ta kai murabba'in kilomita kusan dubu 76, Legas kuwa ba ta kai dubu huɗu ba, amma mutanenta sun ninka na Neja. Ka shafa musu launi ɗaya, ido zai ce Neja ce ke da nauyin zancen. Idan yawan jama'a kake nufi, rubuta adadin a gefen sunan. A taswirar duniya abin ya fi muni: tsarin Mercator na 1569 kan nuna Girinlan kamar ta yi kai ɗaya da Afirka, alhali Afirka ta ninka ta sau 14.

Sannan a duba shekarun taswira kafin a ɗauka. Wadda ba ta da Jigawa da Yobe ta girmi 1991, wadda ba ta da Zamfara da Gombe ta girmi 1996, ta Afirka kuma in Sudan ɗaya ce a jikinta, to kafin 2011 aka zana ta. Masu amfani da Filled Map na Excel, wanda sai da intanet yake aiki, su ma su kula: a Turance Jihar Neja da ƙasar Nijar suna ɗaya gare su, Niger. In ba ka ƙara layin da ke cewa Nigeria a gefen sunayen jihohin ba, launin da ka nufa da Minna na iya sauka a Yamai.